An ɗaga maigida zuwa Mayahi, aikin uwargida yana Tasawa: kada a ɗaure kaya kahin takarda ta hito



Kowace shekara, da zaran gero ya nuna an fara shirin komawa lakol, akwai wani irin kiran waya da ba ya yankewa a gidan rediyo. Lokacin afektasiyo ke nan. An ɗaga wane daga nan zuwa can, an ba wane shugabancin lakol, an maida wane likitar ƙauye. A takardar suna ɗaya ne aka rubuta, amma gida guda ne ake girgizawa. Kuma yanzu gidajen da mata da miji duka ke aiki sun yi yawa a garuruwanmu, ba kamar zamanin iyayenmu ba, da ake loda tabarmi da tukwane da mata da ɗiya a mota guda a wuce.

Wata baiwar Allah ta kira mu bayan an rufe shiri, ta ce kada mu faɗi sunanta, amma mu yi maganar don ta san ba ita kaɗai ba ce. Malamar lakol ce, ƴar kwantiragi, shekararta 6 tana koyarwa cikin garin Tasawa. Mijinta ma'aikacin lahiya ne, an ba shi majo a wata likita ta ƙauye cikin Mayahi, gaba da Kanambakashe. Ci gaba ne gare shi, kowa ya yi mishi barka. Da dare ya ce mata ta haɗa kaya, mota za ta zo ƙarshen mako. Ta ce: "Maigida, to aikina fa?" Ya ce: "Ai can ma akwai lakol. Ki taho, in mun zauna sai a san yadda za a yi."

Wannan "sai a san yadda za a yi" ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Mun ga matan da ta raba da aikinsu, kuma ba don mazansu mugaye ba ne. Ba a zauna an yi lissahi ba ne kawai.

Ra'ayinmu shi ne, ranar da takardar afektasiyo ta iso gida, tambayar farko ba "yaushe za mu tashi" ba ce. Tambayar farko ita ce: a cikin ayyukan nan biyu, wane ne ake iya ɗauka a kai wani wuri, da wace takarda, kuma cikin wata nawa? Kahin a samu amsar wannan, wanda aka ɗaga ya tahi ya kama aikinshi, wanda ba a ɗaga ba ya tsaya bakin nashi. Mun san wasu za su ce muna koya ma mata ƙin bin miji. A yi haƙuri a karanta har ƙasa.

Mu fara da abin da ke faruwa in malamar nan ta hau motar kaya. A idon hukuma ba bin miji ta yi ba, gudun aiki ta yi. Darektan lakol zai ga aji babu malama, ya jira kwana kaɗan, ya rubuta ma ansipekta. Daga nan sai a tsaida kuɗɗin wata, in abin ya daɗe a soke kwantiragin. Can ƙauyen kuwa, ko darektan lakol ɗin yana kuka da rashin malamai, ba ya da ikon ya ba ta aji ya ce a biya ta. Sunanta yana lissahin Tasawa. Sai hukuma ta hidda shi daga nan ta sa shi can, a ba ta takardar sauka daga tsohon wuri, ta je ta sa hannu a takardar kama aiki a sabon wuri. In babu waɗannan takardu biyu, ko ta shekara tana koyar da ɗiyan mutane, sadaka ta yi.

Akwai hanyar da aka tanada don irin wannan, wato neman a kusanta ma'aikaci da abokin aurenshi. Malamai sun san ta. Ana rubuta takardar roƙo da hannu, a manna tambur, a haɗa da takardar aure, da kwafin takardar afektasiyon miji, da shaidar cewa ya kama aiki a can. Dosiyen yana bin matakala: darekta, ansipekta, sannan ofishin ilimi na jiha a Maraɗi, tunda Tasawa da Mayahi ba ƙarƙashin ansipekta ɗaya suke ba. Ba a tsallake mataki, kuma a kowane mataki a nemi lambar da aka yi ma dosiyen rajista da ita a rubuta a ajiye. Wanda ya taɓa bin sawun takarda a ofis ya san dalili.

A nan ne malamarmu ta ci karo da abin da ba ta taɓa tunani ba. Shekara 9 da aure, ɗiya 3, amma ba su da takardar aure. An ɗaura a ƙofar gidan mahaihinta, liman ya yi fatiha, an raba goro da dabino, an watse. A wurin Allah da wurin jama'a aure ya ɗauru. A wurin mai karɓar dosiye kuwa, babu abin da ke nuna wannan majo mijinta ne. Dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta 2019 ta ba da kwana 60 a je a bayyana. In an wuce, sai an bi ta gidan shari'a da shaidu, alƙali ya yi hukuncin da ke tabbatar da auren, a kai meri a rubuta, sannan takarda ta hito. Ba abu ne mai wuya ba, amma yana cin makonni, ga tara shaidu, ga zirga-zirga. Mun tambayi abokan aikinmu nan gidan rediyo su nawa ke da wannan takarda a gida. Kunya ta hana mu faɗa muku amsar. Duk gidan da mutum biyu ke aikin albashi, a je a yi ta tun ana zaune lahiya, kada a jira sai ranar da ake nemanta da gudu.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ke ɓata yawancin dosiye. Ana duba buƙatun canjin wurin aiki na malamai ne kahin a koma lakol, don a san wa zai riƙe wane aji a Oktoba. Wanda ya kai nashi wajen ƙarshen shekarar karatu, kahin bakansi, ya shiga layi. To amma afektasiyon miji sau da yawa tana hitowa ne a Satumba ko Oktoba, ko ma tsakiyar shekara in ma'aikacin lahiya ne, tunda su ba su bin kalandar lakol. Ka ga ke nan matar ta riga ta makara ba da laihinta ba. Cire malama daga aji a watan Disamba yana nufin barin yara 60 ko fiye babu kowa, kuma ansipektan da ya ƙi sa hannu a kan haka ba zalunci ya yi ba. Don haka gidan da wannan ya same su, su sa a ransu cewa mai yiwuwa shekarar karatu guda za su yi da tukunya biyu, daga Oktoba zuwa Yuni. Gara a faɗi wannan tun daren farko, da a yi ta cewa "wata mai zuwa" har zuciya ta ɓaci.

Mun zauna da malamar da alƙalami, ga lissahin da muka yi, da nata alƙaluman. Abin da take karɓa a wata jika 75. In ta tsaya Tasawa, hayar gida jika 15 tana nan. Maigida zai riƙa zuwa kowane ƙarshen mako, mai na babur da ɗan abin hanya, a ce jika 5, sau 4 jika 20. Abincinshi can, tunda sai ya saya ko ya ba wata ta dafa mishi, jika 15. Katin waya jika 3. An tashi da jika 53. Wato daga jika 75 ɗinta, abin da ke saura a gida jika 22 ne kacal. In ya koma zuwa mako biyu-biyu, ya zama 32.

Mun kawo wannan ne don a yi ma mazan adalci. Mijin da ya ce "wahalar ta fi ribar" ba ƙarya ya yi ba, in kuɗɗin wata kawai ake dibawa. Jika 22 ba ta kai a raba uba da ɗiyanshi ba. Amma ba jika 22 malamar ke tsaro ba. Shekara 6 take tsaro. Kowane ɗan kwantiragi a ƙasar nan yana da buri ɗaya, ranar da za a ba shi matirikil ya zama cikakken ma'aikacin gwamnati, mai albashin da ke hawa, mai fansho. Shekarun da mutum ya yi a aji suna cikin abin da yake tinƙaho da shi a wannan layi. In aka soke kwantiragi don gudun aiki, ba daga inda ta tsaya za ta ci gaba ba, in ma an sake ɗaukar ta. Wata 9 na tukunya biyu, da shekara 6 da abin da ke gabansu, ba nauyinsu ɗaya ba a sikeli. Kuma mu faɗi abin da ba a son faɗi: rai na hannun Allah, aure ma yana ƙarewa. Mun sha ganin matar da ta bar aiki ta bi miji, bayan shekara 4 ta dawo gidan iyayenta da ɗiya, babu miji babu aiki.

Wasu sun ce mata ta nemi disponibilite, ta huta shekara ɗaya ta dawo. A yi hattara da wannan shawara. Disponibilite tana cikin dokar ma'aikatan gwamnati ta 2007, kuma ta masu matirikil ce: mutum ya dakatar da aiki da izini, ba albashi, ba hawa mataki, amma sunanshi bai hita daga ma'aikata ba. Ɗan kwantiragi ba ya cikin wannan rumfa. Ko mai matirikil ɗin ma, sai takardar amincewa ta hito yake tashi, kuma ya kula da ranar da wa'adin zai cika ya nemi komawa da wuri. Kahin a ɗauki shawarar maƙwabciya, a fara tambaya: ke da ita matsayinku ɗaya ne a aiki?

Akwai wani abu da ya taimaki malamarmu, wanda ita kanta ba ta lura da shi ba: inda ta dosa. Daga birni take neman zuwa ƙauye. Kowa ya san yadda abin yake a ƙasar nan. Lakol ɗin cikin gari, Maraɗi ko Tasawa, wani lokaci malamai sun fi azuzuwa yawa, galibinsu mata da aka kawo kusa da mazansu. Ka hita kilomita 20, ka tarar da mushe ɗaya yana fama da aji biyu ko uku a rumfar kara. Saboda haka dosiyen mai neman barin gari zuwa ƙauye ba ya shan wahalar da na mai neman shigowa gari ke sha. Amma wannan sauƙi yana da ƙugiya. Gurbin da ta bari a Tasawa, kahin ta kai tasha an cike shi. In bayan shekara 2 ko 3 aka sake ɗaga majo, aka maida shi gari, ita ce za ta koma bayan dogon layi. Ya kamata su tambayi kansu tun yanzu: wannan wuri zama ne ko zango?

Hanya ta biyu ita ce musanya, abin da malamai ke kira permitasiyo. A samu wata ko wani mai matsayi irin naka, da ke can yana son zuwa nan, ku rubuta tare ku sa hannu. Hukuma ta fi son wannan don babu ajin da zai zama wayam. Kuma a ƙauyukan Mayahi, daga Isawan zuwa Cake, ba a rasa malamar da mijinta ke Tasawa tana ta addu'ar irin wannan dama. Ta hanyar sandika da zaurukan waya na malamai ake samun juna. Abu biyu za a kiyaye. Kada kowa ya tashi daga ajinshi sai takarda ta hito da sunayen biyu, domin mun ji inda ɗaya ya janye bayan ɗayan ya riga ya saki gidan haya. Sannan maganar "ba ni wani abu in yarda mu yi musanya", a bar ta. Gurbin aiki ba rumfar kasuwa ba ne.

To, wannan duk maganar takarda ce. Abin da ya fi hana malamar barci ba ya cikin dosiye. Ta ce mana: "In na bar shi can shi kaɗai, wata 9, kun san abin da zai biyo baya." Mun sani. Majo a ƙauye, mai albashi, mai babur, babu mata a gida: kahin ya gama gane hanyar rijiya an fara yi mishi tayi. Ga uwar miji da ke cewa wace irin mata ce za ta zaɓi alli ta bar mijinta yana cin abincin saye. Ga bakin unguwa a kan matar aure da ke kwana ita da ɗiya. Ba za mu yi kamar waɗannan ba su da nauyi ba. Su ne ma suka fi sa mata hawa motar kaya, ba rashin sanin doka ba.

Ba mu da takardar da ke maganin wannan. Abin da muka gani yana aiki shi ne a hidda maganar daga ɗaki a sa mata wa'adi da shaidu. Su biyu su zauna da babba ɗaya daga kowane ɓangare, a ce: za ta tsaya har ƙarshen Yuni, dosiye zai shiga a wata kaza, zai riƙa zuwa ranar kaza, ƙanwarta ko wata dattijuwa za ta zauna da ita. In uwar miji ta ji daga bakin ɗanta cewa shi ne ya ce ta tsaya, rabin surutun ya mutu. Wannan aikin miji ne, ba na matar ba. Kuma namijin da ke da niyyar ƙara aure, zaman uwargida kusa da shi ba ya hana shi, duk mun ga haka a unguwanninmu. Kada a sa mace ta sayar da aikinta don sayen abin da ba a sayar mata ba.

Kada kuma masu sana'ar hannu su ce wannan hira ta ƴan albashi ce. Matar da ke ɗinki, ko mai tuyar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ita ma aiki gare ta, sai dai nata dosiyen a cikin kawunan masu saye yake. Keken ɗinki yana shiga mota, amma matan da suka saba kawo mata atamfa ba su shiga. Ga bashin da ta bayar a unguwa, wanda in ta tashi ba shiri rabinshi ya tahi ke nan. Ga asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka faro a nan jihar Maraɗi tun 1991: wadda ta tashi kahin a fasa asusu, ko tana da rance a kanta, ta bar rikici a baya. Ita ma tana buƙatar wata 2 ko 3 ta karɓi bashinta, ta kai zagayen asusu ƙarshe, ta je ta ga kasuwar can da idonta. Abin da ake saye a bakin babbar hanyar Tasawa ba lalle ne a saye shi a ƙauyen Gulbin Kaba ba.

Wani mai saurare ya taɓa tambayarmu, cikin raha, in matar ce aka ɗaga fa, mijin zai ɗaure kaya ya bi ta? Aka yi dariya a sutudiyo. Amma ga unguwarzoma da ake kaiwa Urafan ko Korgom, mazansu na da shago a Tasawa. Babu mai cewa mijin ya rufe shago, kowa ya gane cewa shago ba ya tashi dare ɗaya. Wannan ganewar muke roƙo a yi ma aikin mace.

Ga hukuma kuma muna da roƙo ɗaya, ba mai tsada ba. Ofishin lahiya da ofishin ilimi duka suna Maraɗi, gwamna ɗaya ke kansu. Kahin a ɗaga ma'aikaci daga wannan yanki zuwa wancan, a tambaye shi ko abokin aurenshi ma'aikaci ne, a wane sarwis. In an san da haka, ko dai a duba takardun biyu tare, ko a sa tashin ya dace da bakansi. Yanzu kowane ofis yana motsa nashi mutum kamar gwauro ne, sai daga baya a zo ana mamakin yadda malamai mata ke ɓacewa daga aji a Nuwamba.

Malamarmu dai ba ta hau motar ba. Kawunta da yayan mijin suka zauna, aka tsaida magana zuwa Yuni. Majo ya tahi da katifa da buta da ƴar rediyo, yana zuwa mako biyu-biyu. Babbar ɗiyarsu da ke firamare za ta gama shekararta a lakol ɗin da ta saba. Hukuncin takardar aure ya hito, an kai meri. Ta samu wata malama a wani ƙauye mai nisan kilomita 7 daga likitar mijinta, wadda ke son dawowa Tasawa, sun yi magana sau biyu a waya, amma ba su sa hannu ba tukuna, don ita waccan tana jiran mijinta ya dawo daga Agadas su yi shawara. Uwar miji har yanzu ba ta amsa gaisuwarta da sakin fuska. Da muka tambaye ta jiya ko tana nadama, ta ce mu sake tambayarta in an koma lakol baɗi.